Lokacin Da Nono Da Nisa Ke Tsare Ciki

A gidajenmu na dā, tazarar haihuwa ba magana ce ta miji da mata su biyu a ɗaki ba. Gida ne gaba ɗaya yake ɗaukar nauyinta. Mai cikin fari takan koma gaban iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in da ruwan zafi da ganye, ana ɗura mata kunun kanwa, sau da yawa kuma ta ƙara watanni kafin a mayar da ita ɗakinta. Ko ta koma, idon uwar miji yana kanta. Jariri yana goye a baya da rana, yana kwance a jikinta da dare, yana kama nono duk lokacin da ya motsa, har kusan shekara biyu kafin a kai shi yaye wurin kaka. Matar da ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana shayarwa, kunya takan hana ta sakewa a cikin mata, domin an yi imani nonon mai ciki yana lalata yaro, ya rame, ya yi ta gudawa. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana wannan ƙauracewa ta shekara biyu a matsayin abin da kowace mace ta sani.

Ba na cewa tsarin nan ba shi da cuta. Wankan ruwan zafi da yawan kanwa sun taɓa zuciyar mata da yawa, kuma ƙauracewar ta fi sauƙi ga namiji mai mata biyu ko uku fiye da mai mace ɗaya. Amma ta fuskar hana ciki yana aiki, don ya dogara ne da abu biyu masu ƙarfi, nisa da nono. Guru da laya da rubutun sha da wasu kan haɗa da su sun ci albarkacin waɗannan biyun ne, aka riƙa yaba musu aikin da ba su yi ba.

Azalu, wato namiji ya janye ya zubar da maniyyi a waje, shi ma tsohon abu ne a wurinmu, sai dai ta ƙofar karatu ya fi shigowa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ke nuna sahabbai suna yin sa a zamanin da Alƙur'ani ke sauka. Muwaɗɗa ta Imamu Malik tana da babi a kansa, kuma a mazhabarmu sai da izinin matar aure ake yi, tun da tana da hakki a jin daɗi da kuma samun ɗa. A wancan zamani azalu ɗan ƙari ne a kan katangar da al'ada ta riga ta gina. Yau katangar ta rushe a mafi yawan birane. Ango da amarya suna gidan haya su kaɗai, mace tana komawa aiki ko makaranta bayan 'yan watanni, ana haɗa wa jariri da madarar gwangwani da kunu tun da wuri, bayan arba'in kuma kowa ya koma shimfiɗa. Waɗanda ke tsoron allura da ƙwaya da ashanar hannu sai su rungumi azalu shi kaɗai, su ɗora masa kayan da a dā gida guda ke ɗauka. Idan ciki ya ɓulla, abin da aka fi ji a bakin miji shi ne, "Wallahi a waje nake zubarwa, sai dai in maziyyi ne."

Wannan zargi da ake yi wa maziyyi yana da gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Littattafan fiƙihu irin su Risala sun koya mana rarrabe ruwa uku tun muna yara: maniyyi mai wajabta wanka, maziyyi mai fita lokacin sha'awa wanda ke buƙatar wanke gaba da sake alwala, da wadiyyi mai biyo bayan fitsari. Rabon nan don tsarki aka yi shi, amma mutane da yawa suka ɗauka cewa tun da hukuncin maziyyi ya fi sauƙi, to ba ya sa ciki. Ta fuskar halitta akwai abin da ke goyon bayansu. Maziyyi ba daga maraina yake fitowa ba. Wasu ƙananan ƙulli biyu ne masu girman ƙwayar wake a gindin mazakuta ke yin sa, waɗanda likitoci ke kira da sunan William Cowper, likitan fiɗa na Ingila da ya bayyana su a ƙarshen ƙarni na 17. Aikinsa shi ne ya kashe tsamin da fitsari ya bari a hanya, ya kuma kawo santsi. A inda ake yin sa babu 'ya'yan maniyyi. Matsalar ita ce hanyar fitsari da hanyar maniyyi ɗaya ce, kuma ruwan yana iya kwaso wani abu kafin ya fito.

An daɗe ana koyar da cewa abin da yake kwasowa ragowar saduwar baya ce kawai, don haka idan namiji ya yi fitsari tsakanin saduwa da saduwa ya wanke hanya. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Isra'ila aka buga a 2003, a kan maza 12, bai ga 'ya'yan maniyyi a maziyyi ba ko kaɗan, kuma masu ba da shawara suka riƙe shi shekaru. Sai a 2011 Stephen Killick da abokan aikinsa a birnin Hull na Ingila suka duba maziyyin maza 27 a madubin likita nan take bayan an tara shi. A wurin mutum 11 an ga 'ya'yan maniyyi, a wurin 10 daga cikinsu kuma suna raye suna iyo. Mazan nan sun yi fitsari sau da yawa tun bayan fitar maniyyinsu na ƙarshe, saboda haka ba ragowa ba ce. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, cikin waɗanda suka kawo ruwan fiye da sau ɗaya, wanda aka gani a nasa ana gani kowane karo, wanda ba a gani ba kuma ba a taɓa gani ba. Wato akwai mazan da jikinsu ke yoyo, akwai waɗanda ba ya yi. A 2016 wani bincike a Tailan a kan maza 42 ya samu masu motsi a wurin mutum 7. Alƙaluman sun sha bamban domin mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma su da kansu suke tara ruwan, ta yadda ɗigon farko na maniyyi zai iya gauraya da shi. Amma wannan gaurayar ma darasi ce, don abin da ya faru a ɗakin gwaji yana faruwa a shimfiɗa. Namiji ba shi da wata alama da zai gane ko yana cikin masu yoyo. Ruwan garai yake a ido, ko akwai ko babu, kuma ba ya jin fitarsa balle ya riƙe shi.

Duk da haka, idan aka auna da sakamako, maziyyi ba shi ne babbar ɓaraka ba. Masu lissafin hanyoyin tazara suna ba kowace hanya alƙalami biyu: na waɗanda suka cika sharaɗi kowane lokaci ba kuskure, da na yadda mutane ke yi a zahiri. Cikin ma'aurata 100 da ba sa yin komai, kusan 85 za su samu ciki a shekara. Cikin 100 masu azalu da ba su taɓa makara ba, an ƙiyasta 4 ne. Cikin 100 masu azalu yadda aka saba yi kuwa, wajen 20 ne, wasu lissafin ma 22. Waɗancan huɗun su ne rabon maziyyi da abin da ba a iya kaucewa. Sauran goma sha shidan daga hannun mutum suke: ya makara da daƙiƙa ɗaya, ko ya janye amma ya zubar a bakin farji, ko ya koma karo na biyu bai yi fitsari bai wanke ba, ko kuma wani dare ya ce yau ɗaya ba komai. Makarar daƙiƙa ɗaya tana da tsada, saboda tunkuɗar farko ta maniyyi ita ce ta fi cika da 'ya'ya, kuma namiji lafiyayye yana fitar da miliyoyi a kowane karo. Saurayi sabon aure da mai saurin kawowa su suka fi faɗawa nan, don azalu yana buƙatar mutum ya san jikinsa, ya janye tun kafin ya kai gaɓar da ba a komawa.

Akwai wani lissafi da nake so ma'aurata su riƙa yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata. Idan azalu na yau da kullum yana kuɓutar da 80 cikin 100 a shekarar farko, sannan ya kuɓutar da kashi 80 na waɗanda suka rage a ta biyu, 64 ne za su kai ƙarshen shekara biyu ba ciki. Kusan 36 sun yi kwanika ko abin da ya kusa da ita. Lissafi ne na kusa-kusa, amma ya isa ya nuna cewa hanyar da ake gani tana aiki wata bayan wata tana iya ba da kunya idan tafiya ta yi nisa.

Nonon da kakanninmu suka dogara da shi ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, amma na ɗan lokaci. Tsotson jariri yana aika saƙo ƙwaƙwalwar uwa, ya danne sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna. A 1988 masana suka taru a Bellagio ta ƙasar Italiya suka fitar da sharuɗɗa uku: jinin al'ada bai dawo ba, jariri bai kai wata shida ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Idan ukun nan sun cika, kariyar ta kai 98 cikin 100. Ana so kada tsakanin sha da sha ya wuce awa huɗu da rana, awa shida da dare. Da zarar ɗaya ya faɗi, alkawarin ya warware. Nan ne mata da yawa ke ruɗuwa, su ce, "Ai ni ba na ganin jini sai na yaye." Ƙwai yana rigan jini fitowa da kamar mako biyu, don haka mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun da ta haihu, kuma wannan ya fi yawa bayan wata shida, lokacin da yaro ya fara shan kunu yana barci mai tsawo. Iyayenmu mata sun kai shekara biyu ne domin bayan nono akwai nisa.

Ƙirgen kwanaki kuwa baƙo ne, kimanin shekara ɗari ke nan da kafuwarsa. Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowa a gefensa, su ne suka nuna a shekarun 1920 cewa ƙwai yana fita ne kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. A 1995 Allen Wilcox da abokansa a Amurka suka bi mata 221 masu neman ciki, suka gano cewa duk cikin da aka samu ya shiga ne a cikin kwana shida kacal: kwana biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Dalilin shi ne ɗan maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuwa ba ya wuce yini da dare ɗaya. Yiwuwar ciki daga saduwa ɗaya tana tashi daga kamar 10 cikin 100 a farkon kwanakin nan zuwa kamar 33 a ranar ƙarshe. Wahalar ita ce kwana shidan ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa kowace hanyar ƙirge take faɗaɗa shinge. Carbin ƙirge da Jami'ar Georgetown ta fitar a farkon shekarun 2000 yana da duwatsu 32, ja ɗaya na ranar farkon jini, farare 12 na kwana na 8 zuwa na 19 da ake kaucewa. Na matan da zagayensu ke tsakanin kwana 26 da 32 ne kawai. Masu kiyayewa sosai 5 cikin 100 ke samun ciki a shekara, a aikace kuma 12. Wato carbin ya ɗan fi azalu a hannun yawancin masu amfani, amma ba don ya fi shi dabara ba. Ya fi shi ne domin ana yanke shawara da rana, hankali a kwance, ba a tsakiyar sha'awa ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mace ce mai goyon ɗan wata bakwai, ta fara ba shi kunu, jini kuma ya dawo mata. Sharuɗɗan nono duka uku sun faɗi. Carbi ma ba zai karɓe ta yanzu ba, domin zagayen farko bayan haihuwa ba su da tsari. Ana so ta ga zagaye uku cikakku, na ƙarshen ya faɗa tsakanin 26 da 32. A watannin nan idan azalu kaɗai suke yi, to shi kaɗai ne tsakaninta da kwanika, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa su haɗa da kwaroron roba ko ta je asibiti a ba ta abin da ya dace da mai shayarwa. A ce ta jure ta rubuta ranar farkon jininta wata shida, ta ga mafi gajarta kwana 27 ne, mafi tsawo 31. Tsohon lissafin kalanda ya ce a cire 18 daga gajeren, a cire 11 daga dogon. Ya ba da 9 da 20. Daga kwana na 9 zuwa na 20, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara, ba ranar da ta yi wanka ba, kwanakin hatsari ne.

Yanzu a ce mijin ya makara a daren kwana na 24. Ƙwai ya riga ya wuce, kuma da wuya wani abu ya biyo baya. A ce kuma a daren kwana na 12 ya janye a kan lokaci, bai makara ba, amma yana cikin mazan da maziyyinsu ke ɗauke da 'ya'ya. Wannan daren ya fi wancan hatsari, duk da cewa a nan bai yi kuskure ba. A kwanakin nan bakin mahaifa yana fitar da wani ruwa garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda mace za ta iya ja tsakanin yatsu biyu ya miƙe bai tsinke ba. Ruwan nan shi ke raya 'ya'yan maniyyi ya ba su hanya, ta yadda kaɗan ma za su iya isa. Shi ne kuma alamar da mace za ta gane da kanta. Akwai hanya mai sauƙi da aka gina a kansa: ta tambayi kanta ko ta ga danshi yau ko jiya, idan amsar e ce ko da ga ɗaya, to ranar hatsari ce. Wannan tana ba da 4 cikin 100 ga masu kiyayewa, 14 a aikace, sai dai ciwon sanyi ko wani ƙaiƙayi mai fitar da ruwa yana rikita ta.

Wani wurin da ake yawan zamewa shi ne daren tsarki. Mace mai zagayen kwana 25 tana iya fitar da ƙwai a kwana na 11, kwanakin hatsarinta su fara tun na 6. Idan jininta na kwana bakwai ne, ranar da ta yi wankan tsarki ta riga ta shiga ciki, alhali ita da mijin suna ganin jini bai daɗe da ɗaukewa ba, babu komai.

Ra'ayina a nan shi ne, kuskuren zamaninmu ba yin azalu ba ne. Wanda ya yi shi ya fi wanda bai yi komai ba da tazara mai yawa, 20 ba 85 ba ce, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ma'aikatan lafiya ke watsar da shi kamar ba hanya ba, har ma'aurata su ji kunyar faɗin abin da suke yi. Kuskuren shi ne amfani da shi a juye. Da yawa suna sakin jiki a kwanakin da suke zaton babu hatsari, sai su ajiye azalu don tsakiyar wata, wato suna kai hanya mai rauni daidai wurin da ake buƙatar mai ƙarfi. Abin da ya fi shi ne a yi azalu kowane lokaci, a kwanakin tsakiya kuma a ƙaurace ko a sa roba. Hanyar da ta haɗa duba ruwan mahaifa da auna zafin jiki kowace asuba ta fi duk waɗannan. A wani bincike na mata 900 a Jamus da aka buga a 2007, ƙasa da 2 cikin 100 ne suka samu ciki a shekara. Amma tana son horo da rubutu kullum da barci mai tsari, abin da mai goyo ba ta cika samu ba, kuma zazzaɓi yana ɓata awon.

Akwai matan da bai kamata a bar su da azalu ko ƙirge ba sam: wadda aka yi wa tiyata a haihuwar baya, wadda ta yi jijjiga ko zubar jini mai yawa, mai ciwon zuciya ko sikila. A wurinsu 4 cikin 100 ma ya yi yawa. Haka kuma, in ban da kwaroron roba, babu ɗaya cikin hanyoyin nan da ke tsare cuta. Tun 1992 aka nuna ana samun ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin maziyyi, kuma ciwon sanyi ba ya jiran fitar maniyyi.

Idan kuma an makara a kwanakin hatsari, miji ya faɗa wa matarsa a daren, kada ya yi shiru yana fatan alheri, domin lokaci yana hannunta ne kawai idan ta sani. Yin tsarki da ruwan zafi, ko tsalle, ko shan kanwa da lemon tsami ba sa fitar da abin da ya riga ya wuce bakin mahaifa cikin 'yan mintuna. Ƙwayar gaggawa da ake samu a kemis tana aiki ne ta hanyar jinkirta fitar ƙwai, shi ya sa ake so a sha ta da wuri, cikin awa 72, kuma ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, idan aka sa ta a asibiti cikin kwana biyar, ta fi ta ƙarfi. Mai goyon da jininta bai dawo ba, ba ta da ɓatan wata da za ta jira, saboda haka ta yi gwajin fitsari bayan mako uku da daren da abin ya faru.